Takardar da Mai Gabatar da Ƙara Bai Yi Niyyar Nunawa Ba: Nazarin Wata Shari'ar Fashi a Kumasi

Lamarin da za a bi a nan misali ne da aka tsara a kan irin shari'ar da ake yawan gani a kotunan Kumasi, don haka ba a ambaci sunan kowa ba, ba a kuma nuna wani ofishin 'yan sanda ko wata kotu da yatsa ba. Dokoki da hukunce-hukuncen da za a ambata kuwa na ƙasar Gana ne, kamar yadda suke.

Wata mata tana da ƙaramin shagon tura kuɗi ta waya a gefen titi a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Wani daren Alhamis cikin watan azumi, da misalin ƙarfe 8:40, mutum biyu suka zo a kan babur, ɗaya ya sauka ya nuna mata wuƙa, suka ƙwace jakarta mai ɗauke da sidi 14,600 da wayoyi biyu, suka tsere. A wannan daren ta tafi ofishin 'yan sanda ta ba da bayani, aka rubuta, ta sa hannu. Bayan kwana shida aka kama wani matashi ɗan shekara 24, mai tuƙa keke mai ƙafa uku na haya, wanda ya zo Kumasi daga Bawku shekara huɗu da suka wuce yake zaune a gidan kawunsa. Dalilin kamun shi ne wani ya tsegunta wa 'yan sanda cewa an ga matashin a shagon ranar da abin ya faru, kuma washegari ya biya wani bashi na sidi 2,000 da aka daɗe ana bin sa. Aka gurfanar da shi a kotun sakit, wato kotun da ke ƙasa da Babbar Kotu, bisa tuhumar haɗa baki da kuma fashi.

Ya kamata a fara sanin nauyin abin da ke kansa. Fashi yana ƙarƙashin sashe na 149 na Dokar Laifuffuka ta 1960, wato Doka ta 29, kuma bayan gyaran da aka yi mata a 2003 mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10 ne, idan kuwa an yi amfani da makami, shekara 15. Alƙali ba shi da ikon sauka ƙasa da haka ko da ya tausaya. Matashin da aka ce ya nuna wuƙa yana fuskantar fita daga kurkuku yana dab da shekara arba'in, kuma duk abin da danginsa suka sani game da hujjar da ake da ita a kansa bai wuce taƙaitaccen bayanin da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta a ranar farko ba, inda ya ce matar ta gane shi, kuma shi da kansa ya amsa cewa yana wurin.

Kawun ya samo lauya bayan zama na biyu. A haɗuwarsu ta farko ya ce: "Lauya, yaron nan yana masallaci ana tafsiri a lokacin da suke faɗa, mutum goma za su shaida. Mu kai su gaban alƙali kawai a gama." Lauyan ya ce: "Alhaji, za mu kai su, amma ba su ne farko ba. Kafin mu buɗe bakinmu sai mun ga abin da ke cikin jakar 'yan sanda, musamman abin da ba su yi niyyar fito da shi ba." Wannan amsar ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Inda haƙƙin ya samo tushe

Kundin Tsarin Mulkin Gana na 1992, a sashe na 19, ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar ko ya amsa da bakinsa. Sakin layi na 19(2)(e) ya wajabta a ba shi isasshen lokaci da abubuwan da yake bukata don shirya kariyarsa, na 19(2)(g) kuma ya ba shi damar yi wa shaidun masu ƙara tambayoyi, da kansa ko ta bakin lauyansa. Shekaru da yawa ana karanta waɗannan kalmomi a takarda, amma a aikace an raba shari'u gida biyu. A manyan laifuffuka irin kisan kai, waɗanda ake yi ta doguwar hanya, Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka ta 1960, wato Doka ta 30, ta tanadi a ba wanda ake tuhuma takardar tuhuma da taƙaitaccen bayanin shaidar da za a kawo. A shari'un gajeriyar hanya kuwa, waɗanda su ne mafi yawa kuma su ne talakan Zango ya fi cin karo da su, ba a ba shi komai, sai ranar da shaida ya tsaya a akwati sannan ya ji abin da zai faɗa.

Abin ya canza a ranar 7 ga Yuni, 2018, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Jamhuriya da Eugene Baffoe-Bonnie da wasu mutum huɗu. Shari'a ce da ta shafi manyan jami'an hukumar sadarwa ta ƙasa, wadda Babbar Kotu a Accra ta miƙa wa Kotun Ƙoli don ta fassara waɗancan sassa biyu. Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin ganin hujjoji kafin shari'a na duk wanda ake tuhuma ne, ko ta doguwar hanya ake yi ko ta gajeriya, kuma ya haɗa da bayanan shaidu, da takardu, da kayan shaida da ke hannun masu gabatar da ƙara, har da waɗanda ba su yi niyyar amfani da su ba. A wannan shekarar ne kuma Babbar Mai Shari'a ta lokacin, Sophia Akuffo, ta fitar da umarnin aiki ga kotuna game da bayyana hujjoji da tsara tafiyar shari'ar laifuffuka, wanda ya sa yanzu ake yin zaman tsara shari'a kafin a kira shaidan farko. Abin lura a nan shi ne manyan mutane masu manyan lauyoyi ne suka kai maganar har sama, amma hukuncin ya shafi mai keken haya na Aboabo kamar yadda ya shafe su.

Dalilin da ya sa doka ta ɗora wannan nauyi a kan gwamnati a fili yake ga duk wanda ya taɓa shiga hannu. 'Yan sanda ne suka isa wurin da abin ya faru tun jini bai bushe ba, su ne suke da ikon kiran mutum su tambaye shi, su ne suke iya neman bayanan kamfanin waya ta hanyar kotu, alhali wanda ake tuhuma yana tsare ba ya iya ko leƙa titi. Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Stinchcombe ta 1991, ta bayyana wannan da cewa abin da bincike ya tono ba mallakin masu gabatar da ƙara ba ne da za su yi amfani da shi don cin nasara, na jama'a ne, don a tabbatar an yi adalci.

Abin da aka fara miƙawa, da abin da aka rage

Alƙali ya umarci mai gabatar da ƙara ya shigar da hujjojinsa ya kuma ba ɓangaren kariya kwafi. Bayan ɗage zama sau biyu aka miƙa wa lauyan takardu: takardar tuhuma, bayanin yadda lamarin ya faru, bayanin shaida na matar, na ɗan sanda mai bincike, na wani maƙwabcin shago da ya ga matashin a wurin da rana, bayanan da matashin ya bayar a ofishin 'yan sanda, da rahoton jeren tantancewa inda matar ta nuna shi a cikin mutum takwas. Wanda bai san aikin ba zai ga tarin takardu ya ce an cika umarni.

Lauyan ya fara da duba kwanan wata, kuma wannan shi ne abu na farko da kowa zai iya yi ko bai karanta shari'a ba. An yi fashin ranar Alhamis, amma bayanin matar da aka ba shi yana ɗauke da kwanan watan Laraba ta mako mai zuwa, wato ranar da aka kama matashin. Bayanin yadda lamarin ya faru kuwa ya ce ta kai ƙara a daren da aka yi mata fashi. Ba a buɗe fayil ɗin fashi ba tare da an rubuta abin da mai ƙara ya faɗa ba, saboda haka dole akwai wani bayani na farko da ba a miƙa ba. Haka kuma a cikin bayanin ɗan sanda mai bincike akwai jimla guda da ta ce ya ziyarci wurin ya "tattauna da mutanen da ke kusa", amma a jerin shaidu mutum ɗaya ne kawai daga unguwar. Su wane ne sauran, kuma me suka ce?

A nan ne ake yawan yin kuskure. Lauya ko wanda ake tuhuma yakan miƙe ya ce yana neman "dukkan takardu", mai gabatar da ƙara ya amsa cewa ya bayar da duk abin da zai dogara da shi, alƙali ya rubuta, a wuce. Amsar gaskiya ce a zahirinta, sai dai ba ita ce tambayar da doka ta yi ba. Lauyan wannan matashi ya rubuta buƙatarsa ya kira kowane abu da sunansa: bayanin da matar ta bayar a daren Alhamis, bayanin duk wanda aka tambaya a unguwar ko za a kira shi shaida ko ba za a kira shi ba, shafukan littafin ofishin 'yan sanda na daren fashin da na ranar jeren tantancewa, tarihin matakan binciken da mai bincike yake rubutawa a cikin doket, wato fayil ɗin shari'ar da ke hannun 'yan sanda, hoton bidiyon kyamarar wani kantin magani da ke fuskantar shagon, da sunan wanda ya kai tsegumin. A gaban kotu ya ce: "Ranka ya daɗe, ba muna roƙon alfarma ba ne. Takardun da aka ba mu su da kansu suka nuna akwai wasu, kuma Kotun Ƙoli ta ce abin da ba za a yi amfani da shi ba ma namu ne mu gani." Alƙali ya ba da umarni a kan huɗun farko, ya nemi bayani a kan bidiyon, ya ƙi na ƙarshe.

Abin da takardun suka ƙunsa

Bayanin matar na farko shafi ɗaya ne. A ciki ta ce an ɗauke wuta a lokacin, fitilar wayarta kaɗai take haskawa, mutanen biyu suna sanye da hular kwano mai rufe fuska, ba ta ga fuskar kowa ba, amma wanda ya sauka dogo ne kuma da harshen Tuwi ya yi mata magana. A bayani na biyu, bayan kwana shida, babu maganar ɗauke wuta, hular kwanon ta zama ta mai tuƙa babur shi kaɗai, kuma ta ce ta gane wanda ya riƙe wuƙar domin yakan zo tura kuɗi. Matashin da ke tsare gajere ne, kuma Tuwinsa bai wuce na ciniki da fasinja ba.

Ba na ganin matar maƙaryaciya ce, kuma lauyan ma bai ɗauke ta haka ba. An yi mata asarar jarin da ta tara, an kira ta an ce an kama ɓarawonta, ta ga fuskar da ta saba gani a shagonta, zuciyarta ta haɗa sauran. Haka tunanin ɗan Adam yake, yakan cike gurbin abin da bai gani ba da abin da aka gaya masa, kuma da zarar ya cike shi sai ya rantse a kai da zuciya ɗaya. Shi ya sa bayanin farko yake da daraja fiye da duk wanda zai biyo baya, domin an ɗauke shi tun ba a nuna mata kowa ba. Da ba a fito da shi ba, za ta tsaya a akwati ta rantse da gaskiyarta, alƙali ya ga mace mai natsuwa da ba ta da dalilin yi wa kowa sharri, kuma babu tambayar da za ta girgiza ta. Dokar Shaida ta 1975 ta yarda a tunkari shaida da maganar da ya yi a baya wadda ta saɓa wa abin da yake faɗa a kotu, amma ba za ka tunkari mutum da takardar da ba ka san da ita ba.

Littafin ofishin 'yan sanda ya ƙara wani abu. Ya nuna matar ta iso ofishin da ƙarfe 10:15 na safiyar Laraba, an kawo matashin da ƙarfe 9:50, an kuma yi jeren tantancewa da ƙarfe 2:00 na rana. A tsakanin nan yana zaune a bayan kanta da ankwa a hannu, inda duk mai shigowa zai gan shi. Jeren tantancewa yana da amfani ne idan shaida bai ga wanda ake zargi a hannun hukuma ba kafin a jera su. Idan ya riga ya gan shi da ankwa, abin da zai nuna a jeren shi ne mutumin da ya gani da safe, ko da ya yi imani ɓarawon daren yake nunawa. Rahoton jeren da aka fara miƙawa ba shi da aibi a kansa, sai da aka ajiye shi kusa da shafin littafin sannan raunin ya bayyana.

Na uku shi ne bayanin wani mai shayi da teburinsa ke da tazarar taku kaɗan daga shagon. Ya ce ya ga babur ɗin ya wuce ta gabansa, ya ga mutum biyu da huluna, ya kuma ce ya san matashin da ake magana sarai domin yakan sha shayi a wurinsa, kuma jikin waɗancan ba irin nasa ba ne. Mai bincike ya rubuta wannan, ya sa a doket, bai sa mai shayin cikin shaidu ba. Mai gabatar da ƙara yana da 'yancin zaɓen wanda zai kira, doka ba ta tilasta masa kiran kowa da kowa ba. Abin da ba shi da 'yanci a kai shi ne ɓoye cewa akwai mutumin da ya faɗi abin da zai taimaki wanda ake tuhuma. Da aka bayyana bayanin, ɓangaren kariya ya samu damar kiran mai shayin da kansa.

Bayanin matashin na kansa

Mutane da yawa suna mamakin cewa wanda ake tuhuma yana bukatar kwafin maganar da shi ya yi. Dalilin shi ne bakinsa ya faɗa, amma hannun wani ya rubuta, da wani harshe. Takardar da aka rubuta da Turanci ta ce ya amsa yana shagon "da yammacin ranar". Da lauyan ya karanta masa ya fassara, matashin ya ce abin da ya faɗa shi ne ya je bayan la'asar ya tura wa mahaifiyarsa sidi 150 zuwa Bawku, daga nan ya yi aiki har aka sha ruwa, ya tafi masallaci. Maganar la'asar da ta masallaci duk ba su shiga takardar ba, kuma kalmar da aka zaɓa tana iya ɗaukar ƙarfe huɗu kamar yadda take iya ɗaukar ƙarfe takwas.

Sashe na 120 na Dokar Shaida ya ce idan mutum yana tsare ya yi maganar da ta zama amsa laifi, ba za a karɓe ta ba sai an yi ta da son ransa a gaban shaida mai zaman kansa, wanda yake jin harshen da wanda ake tuhuma ya yi magana da shi, yake kuma iya karanta harshen da aka rubuta bayanin, ya kuma tabbatar da haka a rubuce. Takardar ta nuna an yi tambayoyin da Tuwi, kuma da aka bincika an gano shaidan da ya sa hannu ba ya jin Hausa, harshen da matashin yake ji sosai. Wannan matsala ta fi shafar mutanen Zango fiye da yadda ake zato, domin mutum yakan ji kunyar cewa bai fahimta ba, ya gyaɗa kai, ya dangwala yatsa. Amfanin ganin takardar tun da wuri shi ne ana yin suka a kan karɓar hujja a lokacin da aka miƙa ta ga kotu, kuma lauyan da ya fara ganinta a wannan minti ba zai san wane ne shaidan ba, balle ya san wane harshe yake ji.

Iyakar haƙƙin

Kawun ya fi jin zafin ƙin bayyana sunan mai tsegumi, domin yana zargin wani da suka taɓa samun saɓani da matashin a tashar keke. Amma alƙali yana kan doka. Kotun Ƙoli ta ce nauyin bayyana hujjoji yana da iyaka: ana iya riƙe abin da bai shafi shari'ar ba, da abin da doka ta ba kariya, da abin da bayyana shi zai jefa shaida cikin haɗari ko ya taɓa tsaron ƙasa, kuma Dokar Shaida ta ba gwamnati damar rufe sunan mai ba da labarin sirri. Sai dai mai gabatar da ƙara ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba, alƙalin da ke shari'ar yana da ikon duba dalilin da aka bayar. A wannan shari'ar mai tsegumin ba zai ba da shaida ba, kuma abin da ya faɗa, wato biyan bashin sidi 2,000, an iya amsa shi ba tare da sunansa ba, domin littafin mai karɓar adashi ya nuna matashin ya kwashi nasa a wannan makon.

Iyaka ta biyu ita ce rashin bayyana hujja a kan lokaci ba ya kashe shari'a, ba ya kuma hana a karɓi hujjar kai tsaye. Abin da Kotun Ƙoli ta nuna shi ne a ɗage zama a ba wanda ake tuhuma lokaci ya nazarci abin da aka kawo. Wannan magani ne mai ɗaci ga wanda ke tsare, domin kowace ɗagewa makonni ne a kurkuku. Tun 2016, bayan ƙarar da lauya Martin Kpebu ya kai, Kotun Ƙoli ta soke tanadin da ya hana beli a wasu laifuffuka ciki har da fashi, don haka aka ba matashin beli, amma sai da dangi suka yi mako 11 kafin su samu masu tsaya masa da suka cika sharuɗɗan. A ganina wannan ne raunin tsarin da ya fi girma: wanda ya yi jinkirin miƙa takarda ba ya biyan komai, wanda ake tuhuma ne yake biya da kwanakinsa.

Bidiyon kantin magani kuwa ba a same shi ba. Mai bincike bai karɓe shi ba tun farko, kuma na'urar tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo bayan 'yan makonni, saboda haka lokacin da aka nema ya riga ya tafi. Haƙƙin ganin hujja ya tsaya ne a kan abin da ke hannun masu gabatar da ƙara, ba ya haifar da abin da ba a tattara ba. Da wani daga dangi ya je kantin a makon farko ya roƙi a ajiye hoton daren, da an samu abin da zai iya raba gardamar a zama ɗaya.

Akwai kuma nauyin da ke kan ɓangaren kariya, wanda ya dawo da mu ga shaidun kawu goma. Sashe na 131 na Doka ta 30 ya ce wanda zai kare kansa da cewa yana wani wuri a lokacin da aka yi laifin sai ya sanar da mai gabatar da ƙara, ya faɗi wurin da lokacin da shaidunsa, kuma a shari'ar gajeriyar hanya ana yin haka kafin a saurari shaidan farko na masu ƙara. Lauyan ya shigar da sanarwar bayan ya ga lokacin da matar ta ambata a bayaninta na farko, wato 8:40, ya kuma zaɓi mutum biyu kawai, ladanin masallacin da wani da suka zauna sahu ɗaya, domin su ne suke iya faɗin lokaci da wurin zama ba tare da kame-kame ba. Shaidu goma da za su saɓa wa juna a kan ko kafin isha ne ko bayanta sun fi cutarwa fiye da amfani.

Yadda ta kaya a kotu

Da matar ta hau akwati, lauyan bai ɗaga mata murya ba. Ya nuna mata takardar daren Alhamis ya ce: "Hajiya, wannan sa hannunki ne?" Ta ce nata ne. Ya sa aka karanta mata inda ta ce an ɗauke wuta kuma ba ta ga fuska ba, ya tambaye ta ko gaskiya ta faɗa wa 'yan sanda a daren. Ta yi shiru, sannan ta ce gaskiya ta faɗa. Ya tambaye ta ko ta ga matashin a ofishin kafin a jera su, ta ce ta gan shi a zaune, wani ɗan sanda ma ya ce mata ga mutumin nan. Mai bincike, da aka tunkare shi da shafin littafin ofis da bayanin mai shayi, ya amsa cewa duka suna cikin doket tun farko, kuma ba a samu wuƙa ko waya ko babur a hannun matashin ba.

Bayan masu ƙara sun rufe shaidarsu, lauyan ya nemi kotu ta yi aiki da sashe na 173 na Doka ta 30, wanda ya ce idan shaidar da aka kawo ba ta kai a nemi wanda ake tuhuma ya kare kansa ba, sai a sallame shi. Alƙali ya ce hujja ɗaya tak da ta haɗa matashin da fashin ita ce ganewar matar, kuma ta rushe a ƙarƙashin tambayoyi har babu kotun da za ta dogara da ita ta ɗaure mutum. Aka wanke shi aka sallame shi, ba a ma kai ga kiran ladanin ko mai shayin ba.

Shari'ar ta ɗauki wata 14. Mai keken da matashin yake tuƙawa ya ba wani keken tun a watan farko. Matar ba ta samu ko sidi ɗaya daga kuɗinta ba, kuma bayaninta na farko, wanda ya siffanta dogon mutum mai jin Tuwi a kan babur, yana nan a cikin doket ba a bi sawunsa ba tun daga ranar da aka kama wani.